Kwalin Littattafai a Jirgin Warra

Na sauke Alƙur'ani, na taɓa littattafan fiƙihu kaɗan, karatun ya tsaya nan. Boko kuwa ban wuce firamare ba. Da wannan guntun ilimin nake koyar da 'ya'yan ma'aikata a gidajensu a Yelwa, uban gida ya shigo ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri." Shi ke nan. Albarka ba ta hawa murhu.

Sai na ce bari in gwada sayar da littattafai. Inna ta sayar da tumakinta biyu ta ba ni kuɗin. Ta ce, "Su ke nan gare ni, ka ji?" Na ce na ji. Na yi saƙo Sakkwato aka sayo mini Alƙur'anai da 'yan izu biyar-biyar na yara, kwali guda. Na yi ciniki kaɗan a kasuwar Warra, aka ce in tsallaka ƙauyukan masunta, can babu mai kai musu.

A jirgin ruwa, buhuna ake jerawa, a rufe da tamfol, mutane su zauna a kai. Mai jirgi ya ɗauki kwalina zai cusa cikin buhunan, sai wani dattijo ya riƙe hannunsa.

"Malam, mi ke cikin kwalin ga?"

Na ce Alƙur'anai ne.

Ya ce, "Subhanallahi! Mu hau bisa Littafin Allah da gindinmu?"

Mai jirgi ya ce, "Baba, nan ne ruwa ba ya kai."

"To ka sauke ni."

Mata biyu ma suka miƙe. Ni da ake kira Malam, da wane baki zan ce a zauna? Aka ɗora kwalin can goshin jirgi, sama da kowa, da 'yar leda a kansa.

Muna tsakiyar ruwa iska ta taso. Ba hadari ba ne, iskar da masunta ba sa ko ɗaga kai su duba. Amma duk igiyar ruwan da ta bugi goshin jirgi, kwalina take fara samu. Ledar ta tashi. Na rarrafa na rungume shi, muka jiƙe tare.

Da muka sauka na shimfiɗa tabarma na baza su a rana. Takardu sun kumbura, bango ya saki. Dattijon ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Ka girmama Littafi, Malam, ladarka na wurin Allah." Bai ɗauki ko ɗaya ba. Wa zai ba da hadiya a kan Alƙur'anin da ya kumbura? Kuma ba abin yarwa ba ne. Na bar wa makarantar allon ƙauyen.

Da na koma gida, Inna ba ta tambaye ni ba. Ta dubi hannuna, ta ce tuwo na cikin kwano. Turakun tumakin suna nan a tsakar gida, har yau ban tumɓuke su ba. Bayan la'asar nakan ɗauki jakata in tafi gidajen ma'aikata.