Malama Delu da Ɗalibinta na Ƙarshe

A gyara zama, ga Malama Delu, gimbiyar yaƙi da jahilci ta Madarumfa! Shekara ashirin tana shaƙar garin alli, ɗalibai suna sulalewa lambu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Habibu kaɗai. In ya tafi, an rufe ajin ke nan. Ran nan ya zo bankwana, wai kalmomi sun fi ƙarfin kansa.

Ta rubuta "ɗinka" a allo, ta liƙa "ma" a goshin kalmar, ta yi ta sauya wutsiya: maɗinki, maɗinkiya, maɗinka. Da kansa ya karanto su.

"Malama, guda ta haifi uku! Gobe da ni. Wallahi ke ce sarauniyar boko!"

Ta goge allo. "To. Taho da alli, nawa ya ƙare."