Katin aski mai hoton kai

Shekara ashirin da wani abu ina aski a unguwar Bromakoté ban taɓa bai wa kowa kati ba. Mutum ya zauna, in aske shi, ya tashi. Sai wasu samari suka buɗe shago a bakin layinmu, da madubi har ƙasa da na'urar sanyi, na fara ganin kawunan da na sani suna wucewa ta ƙofata a aske, masu su suna gaishe ni ba sa kallon idona. Kujerata kan yini babu kowa.

An ce mini a unguwar 220 Logements masu aski kati suke bayarwa, kowane aski a buga tambari ɗaya, in gidajen sun cika a yi maka kyauta. Ban yarda da abin ba, amma na hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, na tsallaka gada zuwa Treichville, wurin wani mai buga takardu. Ya riƙa kira na tonton, wato kawu, yana nuna mini zane a kwamfuta. Na ce ya yi daidai girman katin shaida, don na san mutanenmu, 'yan Nijar, ba sa rabuwa da 'yar jakar ledar da suke sa takardunsu. Takarda mai sheƙi ya so, na hana, don tawada ba ta kama ta, yatsa ɗaya ke goge tambarin. Gida goma muka yi, ya ce in riƙa buga biyu a ranar farko, wai mutum ba ya son yar da abin da ya riga ya fara. Wannan na karɓa. A sama ya sa hoton kan wani saurayi mai gyararren gemu. Ban so ba, amma na gaji, na bar shi.

Na raba katunan. Samari suna dawowa da nasu. Dattawa kuwa, waɗanda su ne abincina, masu askin ƙwal kowace Alhamis saboda Juma'a, kowa ya zo sai ya ce katinsa ya ɓata. Wani Alhaji mai sayar da tayoyi sau uku ina ba shi sabo. Mutumin da ke riƙe da rasit ɗin shekarun baya a aljihu, shi ne zai yar da kati? Na ce a raina akwai hannu a ciki. Ladanin masallacinmu ɗan ƙanensa na aiki a sabon shagon, kuma na ga ladanin da idona yana tsintar wani abu a tagar masallaci yana turawa aljihu. Na daina tsayawa hira da shi. Na fara zargin tara katunan suke yi su kwaikwayi tambarina, har na riƙa kulle tambarin a aljihun tebur ko fitsari zan fita.

Wata Alhamis ladanin ya shigo, ya zauna a kujerar aski ba tare da ya cire hula ba, ya zube mini katunana a kan tebur, ɗaure da roba.

“Maigida, kayanka sun cika mini taga.”

Na ce wa ya aike shi tattarawa.

“Wa zai aike ni? Shara nake yi. Kai ka sa wa mutane kan ƙato a aljihu, wa zai yi sujada da shi?”

Ashe in sun zo salla sai su zare katin su ajiye a taga saboda hoton, a idar kowa ya nufi takalminsa. Na ce ai katin shaida ma da hoto. Ya ce wannan dole ce ta hukuma, nawa kuwa wa ya tilasta su. Na duba katunan ɗaya bayan ɗaya, tambarin nawa ne, babu na jabu. Duk da haka na tambaye shi labarin ɗan ƙanensa. Ya ce yaron ko gaishe shi ba ya yi, kuma in ina da sauran tambaya in yi ta da reza a hannu, kansa ya yi kwana tara bai ga aski ba.

Na koma Treichville. Mai bugawa ya ce tonton, hoton ne ke sa katin kyau. Na ce ya cire, ya sa hoton almakashi. Na rage gidajen zuwa takwas, don mai zuwa kowane mako ya ga ƙarshen abin kafin ya manta da shi, aka rubuta ƙa'idar layi ɗaya da Faransanci, ƙasanta da ajami. Tambarin da kowa ya tara a tsohon kati na mayar masa a sabon.

Alhajin tayoyi shi ya fara cika nasa. Ya zaro shi daga jakar ledar, daga bayan katin ofishin jakadanci, ya miƙo yana tambaya ko askin kyautar har da gemu. Na ƙirga tambarin sau biyu, na ɗaga katin wajen haske. Ya ce in na gama bincike yana da jana'iza bayan azahar. Na ɗaura masa ƙyalle.

Waɗanda suka koma wurin samarin ba duka suka dawo ba. Ranar Alhamis dai benci yana cika.