Laftof Mai Nauyi da Haladu Ya Saya

Haladu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ina da lasisi. Dillalin shanu ne a karar Wudil tun muna samari. A Utai yake zaune, yana ɗan taɓa noma da damina, amma ranar Juma'a in kana nemansa sai cikin kara, da sanda a kafaɗa da goro a kunci. Ni kuwa sunana Isyaku, ina da shagon cajin waya a kusa da gadar Wudil, sola a saman kwano, janareto a bayan shago.

Mutumin nan, kada Allah ya sa ya ji na yabe shi, ya san dabba. Zai dafa tozon sa, ya leƙa haƙora, ya ja wutsiya, ya gaya maka abin da zai yi a wuƙa, kuma da wuya ya kuskure. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne bai taɓa sayen ramammiyar dabba ba, bai kuma taɓa mayar da abin da ya saya ba bayan an ce Allah ya sa albarka. A wurinsa mai mayar da ciniki ba cikakken mutum ba ne. Duk abin da zai saya, ko fitila ce, sai ya ɗaga ya ji nauyinta tukuna. In ba nauyi, ya ce hoto ne.

'Yarsa ta fari Rahinatu ce, kuma kunyar ɗan fari irin ta mutanen da har yau tana nan a gidan. Ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce yarinyar nan. In yana da magana da ita, ta bakin uwarta Mairo za ta bi, ita ma amsarta ta nan za ta dawo. Amma son da yake mata, ko makaho ya gani. Da ta samu gurbin karatun kwamfuta a jami'ar Wudil, aka ce dole kowane ɗalibi ya mallaki laftof, Haladu bai yi shawara da kowa ba ya kama wani sa da yake kiwatawa ya kai kara. Abin da ya samu a san nan shi ne iyakar ƙarfinsa, ba wani a bayansa.

Ya ɗauki Jamil, ɗan ƙaninsa, suka tafi Kano, wai shi ne ɗan zamani. Jamil saurayi ne mai kirki, amma abin da ya sani a kwamfuta shi ne buga ƙwallo da tseren mota. A shagon aka fito musu da biyu, duka na hannu, waɗanda kuɗinsu zai iya kaiwa. Ɗaya siririya, baƙa, ba ado, irin ta ma'aikatan ofis. Mai shago ya ce batirinta yana kai rabin wuni, ma'ajiyarta irin mai saurin nan ce da ake kira SSD, kuma za a samu rarar kuɗi. Ɗayar ƙatuwa ce ta 'yan gem, masu wasa a kwamfuta, ta fi tsufa, ta fi tsada, maɓallanta suna jan haske, fanka biyu a cikinta, da wani kati na musamman mai sarrafa hoto. Jamil ya rantse masa ita ce uwar kwamfutoci.

Haladu ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan. Ya kara hannu a gefen babbar ya ji iska mai ɗumi tana fita kamar numfashin sa. Ya ɗaga cajarta ma, ya ji ta kai rabin bulo. Daga baya mai shagon ya ce ya yi ƙoƙarin tambayar wane aiki za a yi da ita, Haladu ya katse shi ya ce shi 'yarsa ba za ta riƙe ramammiya ba. Aka ce Allah ya sa albarka, kuɗin san suka tafi kaf.

A gida aka yi murna. Mata suka shigo kallo, Mairo ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa. Rahinatu ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi godiya, kuma tun a ranar, kamar yadda ta gaya min daga baya, ta san za a sha wuya da ta ga girman cajar. Amma wace 'ya ce za ta aika wa ubanta cewa abin da ya sayar da sa ya saya bai dace ba? Haka ta riƙa ɗaukar abinta zuwa makaranta.

Ni na fara ganin abin da ke faruwa, domin shagona ta riƙa zuwa. Kullum da safe sai ga ta ta sauko daga mota, jaka ta karkatar mata da kafaɗa, ta ce, Baba Isyaku, a taimaka a sa min. A gidansu 'yar sola ce ta ƙwan fitila da cajin waya. Da ta jona laftof ɗin sai inbata, na'urar da ke juya wutar solar, ta hau kuka, in aka matsa kuma gidan ya kwana a duhu. Ba abin mamaki ba ne. Cajar laftof ta ofis wuta kaɗan take ja, ita kuwa wannan tana iya jan ninki uku na hakan. Ga batirin ya tsufa, irinsu kuma ko suna sabbi ba su da juriya. In na cika mata shi taf, da ƙyar yake wuce awa ɗaya.

Na tambaye ta ko karatun nasu yana bukatar wannan katin hoton. Ta yi ɗan murmushi ta ce rubutu kawai suke yi, layi-layi na umarni da ake ba kwamfuta, abin da ko ƙaramar laftof za ta ɗauka ba tare da ta yi gumi ba. Katin na masu gem ne da masu zanen gine-gine da masu haɗa bidiyo. Ita tun da aka saya bai yi mata aikin komai ba sai ƙarin nauyi da zafi. Ƙawayenta masu sirara suna zama ƙarƙashin bishiya su yi aikinsu har la'asar, ita tana yawon neman soket.

Abin ya ci min rai, wallahi. Karatun yarinyar ne yake zubewa a gabana. Darasin nan sai da yawan gwadawa ake iya shi, ita kuwa in ta koma Utai ba ta da halin kunna na'urar. Na ce zan gaya wa ubanta, ta haɗa ni da Allah kada in yi. Na bi ta tata na ɗan lokaci.

Sai ranar da aka yi musu gwaji a aji, kowa a kan tasa laftof. Soket ɗin da ke ɗakin kaɗan ne, waɗanda suka riga ta sun kama. Ta yi nisa da aiki fankokin suka tashi, allo ya yi gargaɗi, kafin ta miƙa abin da ta rubuta na'urar ta ɗauke. Ta zo shagona ta zauna a benci, ba ta ce a sa caji ba. Hawaye kawai take sharewa da bakin hijabi, tana cewa gara ta haƙura da karatun da ta riƙa cin kuɗin mota a banza.

Ranar Juma'a na rufe shago na shiga kara. Na tarar da Haladu yana yi wa wani baƙo faɗa, wai ya zo sayen san huɗa yana kallon mai ƙiba. Yana ce masa sai ka fara duba aikin da za ka sa shi da abin da kake da shi na ciyarwa. Na bari ya gama, na ja shi gefe na ce, to malamin shanu, kai da ka je Kano wa ka tambaya? Na zayyana masa komai, ban rage ba. Na zaci zai zage ni kamar yadda muka saba. Sai ya tofar da goron bakinsa ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya ce me ya hana ta faɗa. Na ce ta wace ƙofa?

Mayarwa dai ya ce ba zai yi ba, ko da mai shagon zai karɓa, kuma ba zai karɓa ba. Kuɗin sayen wata babu. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ce kowace dabba da mai bukatarta, in nemo masa wanda wannan za ta yi wa aiki. A cikin masu kawo min caji akwai Ubaidullah, ɗalibin zanen gine-gine da ya yi nisa a karatu, wanda kullum yake kukan siririyar laftof ɗinsa tana sanƙarewa in ya ɗora mata babban zane. Gidansu a cikin gari yake, suna da sola babba. Na haɗa su a shagona don a yi musanya, Rahinatu ma ta zo.

Kafin a fara magana Haladu ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya juya ya dubi 'yarsa kai tsaye, ba Mairo a tsakani, ya ce, "Duba ta da kyau. Ke za ki yi aiki da ita. In ba ta yi miki ba ki faɗa min, ni nan."

Ta kunna siririyar Ubaidullah. Ta duba lafiyar batir, ta ga akwai SSD, ta ga ram ɗin, wato ƙwaƙwalwar aikinta, gig takwas ne, ya ishi mai farawa. Ta taɓa kowane maɓalli, ta buɗe manhajar da suke rubutu da ita. Sannan ta ce a hankali, "Ta yi, Baba."

A al'adar kara mai sayarwa yana faɗin aibin dabba, Haladu kuwa bai ɓoye ba: batir ya gaji, tana zafi, tana cin wuta. Ubaidullah ya ce ya ji ya gani. Ya kamata a ce ya yi ciko mai kauri, amma ɗalibi ne, abin da ya iya kawowa kaɗan ne. Haladu, wanda yake iya wuni yana jayayya a kan kuɗin igiya, ya ce ya sallama. Asarar ta kai a ji a jiki, kuma kafin Juma'a ta zagayo duk kara an san Haladu ya faɗi a ciniki. Abokansa suka samu abin tsokana, har da ni a ciki, ba zan yi ƙarya ba.

Rahinatu ba ta bar karatu ba. Yanzu sai in yi kwanaki ban gan ta ba, domin solar gidansu tana ɗaukar 'yar cajar, batirin kuma yana kai ta har ta tashi daga makaranta. Sai dai gwajin nan da ta rasa ya ja ta ƙasa, da sakamako ya fito ta faɗi darasin, sai ta sake shi baɗi. Wannan karon ba ta aika uwarta ba, da kanta ta gaya wa ubanta.

Haladu ya zo shagona da yamma ya zauna, ya daɗe yana kallon wayoyin mutane jere a kan katako. Na ɗauka asarar san ce take cinsa, na fara yi masa ba'a cewa wani san zai zo. Ya girgiza kai.

"Ba sa nake tunani ba, Isyaku," ya ce. "Wata nawa yarinyar nan tana ɗaukar abin nan a kafaɗa tana wucewa ta gabana, kullum sai ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuma ina jin daɗi wai na saya mata mai nauyi."