Layin da ke Goshin Kaka

Kawu ya shekara ashirin yana gyaran hoto, amma ranar da na kai masa hoton marigayiya Kaka, wanda shi kaɗai ya rage mana, da hannu biyu ya karɓe shi. Ya ɗauke shi a na'urar sikana, ya ƙara girmansa a kwamfuta. Ya ƙi share ƙurar da ke hoton a taɓi ɗaya, don hakan na dusashe fuska, sai ya bi ta ɗigo-ɗigo. Tabon shayi kuwa ya rufe shi da launin gefensa. Da ya iso wani layi a goshinta, ya tsaya cak.

"'Yar nan, karcewa ce ko tabonta ne?"

"Kai da mahaifiyarka, Kawu?"

Bai yi dariya ba. Ya karkata ainihin hoton a hasken taga. Takardar sumul take, ba ta karce ba.

"Nata ne," ya ce a hankali, ya bar layin yadda yake.