Abin da Na Fesa a Garkar Yara

Laifina ne, kuma ba wanda ya sa ni. Na fara da wannan don kada mai karatu ya nema mini uzuri a gaba.

Ni ne gardin kolejin garinmu, wani gari a cikin kwari tsakanin Madawa da Buza. Karatuna ya tsaya a aji shida na firamare. Aikina buɗe ƙofa, kaɗa ƙararrawa da korar awaki. A shekarar da nake magana an kawo mana sabon malamin kimiyyar halittu, saurayi siriri, kowa na ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Da aka dawo hutun sabuwar shekara sai ya ce ƴan ajinsa za su yi gwaji a bayan azuzuwa, kusa da rijiya, su gama kafin hutun ƙarshen Maris. Suna so su ga ko abin da ke tsakar gidan kowa zai iya kare shu, wato kabeji, daga tsutsa.

Yaran suka ja fangali tara, duk girma ɗaya, suka dasa shu iri ɗaya a rana ɗaya. Uku za a riƙa fesa musu ruwan ganyen bedi, wato dogon yaro, da aka daka aka jiƙa ya kwana, aka tace aka sa ɗan sabulu. Uku ruwan barkono da sabulu. Uku kuwa ba za a fesa musu komai ba, su ne Mushe ya kira shaida. Ba su zaɓi fangalin da ido ba. Takardu suka rubuta suka zuba a hulata, aka ja ƙuri'a, don kada wani magani ya samu wuri mai kyau shi kaɗai. Kowace Talata su kan duƙa su buɗe ganyen shu biyar a kowane fangali, su ƙirga tsutsa, su rubuta. A ƙarshe za a auna nauyin kawunan.

Ni aka ba ban ruwa ranakun Asabar da Lahadi, bokiti biyu ga kowane fangali safe da yamma. Mushe ya ja mini kunne.

"Baba, ruwa kaɗai. Ko kashin akuya kada ka ƙara ma wani."

"To waɗanga ukun, haka za mu zura ido tsutsa ta cinye su?"

"Haka nan. In ba su, da mi za mu gwada sauran?"

Na ce to, amma a raina na ce wannan karatun bai san ciwon shuka ba.

Ƙuri'a ta sa biyu daga cikin shaidun suka faɗa bakin shinge, inda hanyar fadama ta bi. Da aka yi wata biyu ganyensu ya koma kamar rariya. Na bedi suna da dama-dama, na barkono tsaka-tsaki, amma masu wucewa ba su ganin waɗannan. Duk manoman albasa ne, tsarana, kuma sun san ubana ya yi suna a noman rani. Wani ya tsayar da jakinsa ya ce, "Gardi, shu kake nomawa ko kiwon tsutsa ka koma? In sun yi ƙiba a aiko muna da kasonmu." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya zauna mini.

Ina da ragowar wani magani a gida, wanda na saya a kasuwar Madawa cikin kwalbar lemo, ba takarda a jikinsa. Mai sayarwa ya ce na auduga ne, kuma babu ƙwaron da ke tsallake shi. Ranar wata Lahadi da hantsi, makaranta ba kowa, na aro famfon feshi, na tsiyaya maganin da ido, na fesa wa shaidun nan uku. Da na ga ya rage a famfo sai na ga asara ce a zubar, na bi sauran shidan ma. Na wanke hannu da ƙasa da ruwa na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Ranar Talata ina zaune bakin ƙofa ina jin su. Akwai wata yarinya, ita ce ke riƙe da littafin ƙirga, mai baki kamar reza. Ita ta fara ɗaga murya.

"Mushe, babu ko guda! Har shaida!"

"Sake dubawa, ƙila idonki na gida."

"Wallahi ga su nan ƙasa, sun bushe. Tsutsar ma ta ji jarrabawa ta matso, ta yi ta kanta."

Yara suka kwashe da dariya. Mushe bai yi ba. Ya duƙa ya daɗe yana juya ganye, ya tsinci wasu ƙananan ƙwari jajaye masu ɗigo, matattu, ya ce waɗannan ai abokan manomi ne, su ke cin ƙwarin da ke tsotse ganye. Ya sunsuna hannunsa, ya waiwayo wajena. Na duƙar da kai ina gyaran takalmi.

"Baba, ba ka ga kowa ya shigo ba?"

"Ko akuya, Mushe."

Wannan ita ce ƙaryata ta farko, kuma ta fito da sauƙi har ta ba ni tsoro.

Sai ya ce zafi ya fara, kawunan sun ɗaure, wasu na shirin tsagewa, don haka ba za a jira mako biyu ba. Ranar Alhamis za a yanke a auna. Yarinyar ta ce in an gama awo sai kwaɗo, ita za ta kawo ƙuli-ƙuli, wani ya kawo albasa, wani ya kawo mai. Suka yi ta shewa. Ina kallo wani yaro ya ɓalle ɗanyen ganye daga fangalin bedi ya kai baki, yarinyar ta doke hannunsa, ta ce kada ya rage musu nauyi kafin awo. Ganyen ya faɗi ƙasa.

Sai a lokacin na yi lissafin da ban yi ba ranar Lahadi. Kwana huɗu tsakanin feshi da yanka. Ɗanye za su ci, kuma hankalinsu kwance, domin a saninsu bedi da barkono ne kawai suka taɓa shu ɗin. Yara sama da arba'in, ƴaƴan mutanen da nake gaisawa da su kullum a masallaci. Na taɓa ganin wani maƙwabcinmu da ya fesa albasa iska na kaɗo masa maganin. A amalanke aka fitar da shi, miyau na zuba, jikinsa na rawa. Yinin Talatar nan duk yaron da ya wuce ni sai in duba bakinsa. Wata ta ce kanta na ciwo ta nemi izinin tafiya gida, na bi ta da ido har ta sha kwana, ban iya cin abincin rana ba.

Na yi tunanin hanyoyi da yawa, duk na matsorata. Na ce in buɗe wa awaki shinge, sai na tuna awakin ma na mutane ne, kuma ana shan nononsu. Na ce in tuge shu ɗin in ce ɓarayi ne. Na ce in yi ta kwarara ruwa ko zai wanke. Wannan na ƙarshe har na yi shi, na ɗebi ruwa har kafaɗuna suka riƙe, amma ina kai hanci ina jin warin, ko kuwa tsorona ne ke wari, ban sani ba.

Ranar Laraba da rana babu aji. Na hau kabu-kabu na tafi wajen wani abokina na ƙuruciya, Kirista ne, yana jinyar marasa lafiya a asibitin mishan. Na same shi a gida yana wanke babur. Na ce wani mutum ne ya yi kaza da kaza, yana so ya san kwana nawa za a jira.

Ya dube ni, ya matse tsumma. "Wanga mutum, gemunshi irin naka ne?"

Sai ya ci gaba da tambaya.

"Mi ag ga kwalbar? Akwai suna?"

"Babu."

"To ba ni da kwanan da zan ƙirga maka. Wanda aka san sunanshi, takardarshi ke faɗin kwanakin jira. Na auduga kuwa ba a yi shi don ganyen da za a ci ba. Shu naɗewa yake yi, abin da ya shige tsakanin ganye ba ka da tabbacin ruwa zai fitar da shi. Wa zai ci?"

"Yaran lakwal ɗinmu, ƴan koleji. Gobe."

Ya ajiye tsumman. "Ka faɗa, ko ni in zo in faɗa. Ban son in gan su nan jere bisa gado."

Na ce za a kore ni daga aiki. Ya ce ƙila. Bai ma ce in zauna in sha ruwa ba, shi da bai taɓa barina in tafi haka ba.

Da safiyar Alhamis na buɗe ƙofa, na kaɗa ƙararrawa, na koma na zauna. Na ce zan tare Mushe kafin ya shiga aji. Ya zo, muka gaisa, ya wuce, bakina ya kasa. Na ce bari a fito hutun ƙarfe goma. Aka fito, ya shiga ofishin darakta, shugaban makarantar. Daga nan sai ga su sun nufi garka gaba ɗaya, da wuƙaƙe da ma'aunin da aka aro wajen mai shago, da babbar roba. Ina jin yarinyar tana kiran lambar fangali, ana yanka, ana ɗorawa, tana rubutawa. Ina zaune ina ce wa kaina awo ba ci ba ne, akwai sauran lokaci. Sai na ji ƙarar turmi, ana dakan ƙuli-ƙuli.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar ta fara yayyanka kai na farko a cikin roba, yara sun kewaye ta. Na sa hannu biyu na rufe robar.

"Baba gardi, haba! Ka bari a haɗa, kason tsofaffi na nan."

"Kada wanda ya ci. Wanda ya taɓa ya je ya wanke hannu da sabulu yanzu."

Mushe ya matso. Na cire hulata, ni da na haifi kamarsa, na tsaya a gaban yaran.

"Mushe, na yi maka ƙarya ranar Talata. Ni ne na fesa maganin auduga ranar Lahadi, duka taran, don an yi mini dariya a bakin shinge. Shu ɗin ga ba ya ciwuwa, sai dai a haƙa rami a binne, kuma ni zan haƙa. Ɗiyana, wahalar da kuka sha tun farkon zango, da ƙirgar da kuka yi, ni na ɓata muku. Na san haɗarin tun shekaranjiya, na yi shiru ina tsoron aikina, har wuƙa ta hau. Zan je in faɗa wa darakta da bakina, in bi gidajenku in faɗa wa iyayenku. Abin da aka yanke a kaina na ɗauka. Ku yafe mini don Allah."