Kilo Uku a Kan Kilo Ɗaya

Shekarar da gwiwoyin Baba suka hana shi shiga fadama, sai ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya gina ɗakin kaji a bayan gidanmu na Argungu. Ya zuba 'yan tsaki ɗari huɗu, buroila, irin waɗanda ake kiwo don nama. Mutum ne da bai iya zama ba. Ni ina koyar da lissafi a Birnin Kebbi, ina haya a Badariya, duk Asabar nakan hau mota in je in gaishe shi, mu yi musu, in dawo.

Baba ya yi shekaru yana turkar raguna da bijimai, kuma a wurinsa dabbar da ke ci lafiyarta lau. Da buhun abincin kaji ya yi tsada, sai ya yi abin da ya sani. Ya riƙa aiko da dusar shinkafa daga injin casa, mai arha, rabinta ɓuntu, yana cuɗawa da abincin kanti don ya yi auki. Na yi magana, ya ce shi da ya sa bijimi ƙiba da dusa ba kaza ce za ta gagare shi ba. Kajin kuwa suna ci kamar fara. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallonsu yana murmushi.

A mako na bakwai, cikin azumi da zafin bazara, ƙanwata ta kira ni ta ce Baba ya fara cinikin gonarsa ta fadama. Yana so ya ciyar da kajin har Sallah, lokacin da kaza ke kuɗi, ya kuma zuba wasu sababbi. Gonar nan ita kaɗai ta rage daga abin da kakanmu ya bari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na je wurin wani likitan dabbobi da muke sallah masallaci ɗaya a unguwar Gesse, ya ara mini sikeli na ratayewa, ya ce in haɗa nauyin duk abincin da suka ci tun ranar farko, in raba da nauyin kajin da ke raye. Ya ce buroilar da ta samu kulawa, a mako shida ta wuce kilo biyu, kuma ba ta cin kilo biyu na abinci kafin ta ƙara kilo ɗaya a jikinta. In amsa ta kai biyu da rabi, akwai matsala.

Asabar ɗin nan na kama kaji ashirin daga kusurwoyi daban-daban, manya da ƙanana, na auna su, na ɗaura musu jan zare a ƙafa. Asabar ta gaba, sun cika mako takwas, na sake auna su. Baba yana zaune a kan turmi yana kallona.

"Malam, kaza ba ɗalibi ta ba," in ji shi. "Mi kaka nema ga ƙahwahunsu?"

"Baba, buhu nawa sunka ci tun hwarko?"

Bai taɓa zubar da buhu ba, yana ninke su a zaure. Muka ƙirga arba'in da takwas, kowanne kilo ashirin da biyar, kilo dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan. Dusar da ya cuɗa, da muka auna irin buhunta, ta kai kilo ɗari uku da talatin. Kajin da suka rage ɗari uku da arba'in ne, sittin sun mutu, mafi yawansu bayan sun girma, a ranakun da zafi ya yi tsanani. A matsakaici kowacce kilo ɗaya da rabi. Dukansu kilo ɗari biyar da goma.

Na rubuta a bayan buhu da gawayi: dubu ɗaya da ɗari biyar da talatin, a raba da ɗari biyar da goma. Uku cif.

Na ce masa kowane kilo na kaza a ɗakin nan kilo uku na abinci ya ci. Sannan na shiga nuna masa inda abincin ya tafi, kuma na yi shi da zafin baki irin na aji, abin da har yau nake jin kunyarsa. Cikin kaza ba irin na sa ba ne, ba ya narkar da ɓuntu, cika ciki kawai yake yi ya fita ta baya, shi ya sa shimfiɗar ɗakin ta jiƙe tana wari. Kaji sittin da suka mutu sun tafi da abin da suka ci. Tiren abincin a ƙasa suke, an cika su fal, kajin suna tona rabi suna zubarwa. Waɗanda suka rage kuma bakinsu a buɗe, suna haki, wasu ƙanana kamar tantabara, wasu sun ninka su. Sun tsumbure tun suna ƙanana, lokacin da ya kamata su samu abinci mai ƙarfi.

Baba ya daɗe yana kallon gawayin. Ya ce, "Hidda dusar. Ita ai kusan kyauta ta. Sake rabawa."

Na cire ta na sake rabawa. Biyu da sulusi, har da ɗoriya. Ya ce in sake, na sake, haka ta fito.

"To, in anka bar su hal Salla, ba su cikowa?"

Nan na kawo lissafin kajin nan masu jan zare. A mako guda kowacce ta ƙara kusan giram ɗari biyu, alhali abin da aka zuba a ɗakin a makon ya kai kilo guda a kan kowace kaza. Biyar ke nan. Na ce kaza tana tsufa lissafinta yana ƙara lalacewa, kuma kuɗin kilo biyar na abinci ya fi kuɗin kilo ɗaya na kaza ko ranar jajibere. Na ce in ya sayar da gonar, kajin nan za su cinye ta su kasayar da ita a kan ɓuntu.

Na zaci zai yi faɗa. Na ma shirya amsoshi tun a mota. Bai yi ba. Ya ce, "Na gane," ya dafa bango ya miƙe. Kwana uku bayan nan masu gasa kaji suka zo da keji a kan babura suka kwashe su a farashin da suka ga dama, suna ɗaga su suna taɓe baki. Gonar tana nan, an ba wani ɗan uwanmu yana nomawa.

Ni na yi nasara, kuma tun daga ranar Baba bai sake fara komai ba. Na ce mu zuba ɗari kacal, mu yi daidai, abinci tsantsa, tire a rataye, muna awo duk mako. Ya ce a'a. Ɗakin kajin yana nan a buɗe, awakin makwabta ke kwana a ciki. Shi kuma yana zaure daga hantsi zuwa la'asar, kusa da buhunan da ya ninke, ba ya musu da kowa, har da ni. Sau da yawa a hanyar komawa Birnin Kebbi ina sake lissafin a kaina ko zan samu kuskure, ban taɓa samu ba, kuma wannan bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Wata Asabar bayan Babbar Sallah na same shi an ajiye masa tuwon shinkafa. Ya ci loma uku ya ture kwanon. Na ce ya daure ya ƙara. Ya dube ni ba fushi ba wasa.

"Malam, sikelin nan yana wurinka har yanzu?"

Na ce na mayar wa mai shi.

"Da ka aro shi. Ina ci kullum, ba ni ƙara komi ga gidan ga. Ni nawa lissahin nawa na?"

Ƙanwata ta shigo ta ɗauke kwanon.