Talle Mahauci da Ɗan Farinsa

A cikin mahautan Agege da ke Legas babu wanda ya kai Talle surutu. Da Hausa da Yarbanci yake ciniki, ko saniya ya samu sai ya ja ta da hira. Amma ɗan farinsa Uwaisu, mai shekara sha huɗu, tunda kakar da ta raine shi ta koma Katsina ya yi gum.

Malamar ba da shawara ta makarantarsu ta kira Talle, ta nemi yardarsa, ta rubuta wa likitar ƙwaƙwalwa ta yara takarda: yaron ya daina magana a aji, ya janye daga abokai, karatunsa ya ja baya, a duba shi.

Talle ya saɓa babbar riga suka tafi, yana tsoron kada a ce ɗansa ya taɓu. Likitar ta karanta takardar, ta gana da yaron shi kaɗai, sannan ta kira uban.

"Me kuke hira a gida?"

"Hira? Haba likita, ɗan fari ne! Ko sunansa ba na faɗa."

"To da wa yake hira?"

Sai Talle ya tuna da kakarsa kaɗai yaron yake hira, ita kuma ta tafi.

Likitar ta ce ba hauka ba ne, kewa ce ta yi masa yawa. Su dawo bayan sati biyu, kafin nan uban ya riƙa jan sa da zance.

A cikin motar haya ta danfo Talle ya yi ta gyaran murya har Ikeja.

"Kai, wannan... kana son tsire?"

Uwaisu ya dube shi. "Baba, ai kullum shi muke ci."

"To me kake so?"

"Kifi."